Takardun Mahauta Goma Sha Biyu

A unguwar Yerimaram, in ka tambayi gidan Halliru nas, ba wanda zai gane ka. Sai ka ce gidan Likita, sannan a nuna maka wani gida mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Shi kuwa ba likita ba ne, ya faɗa har bakinsa ya gaji ya bari. Nas ne, kuma shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a ɗakin wankin ciwo na asibitin gwamnati, wurin da ake fara sauke duk wanda wuƙa ta yanka ko mota ta kayar. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a sunkuye a kan ƙafafun mutane. Mahaifinsa yana cikin fataken Kano da suka zo Potiskum da goro suka zauna, amma shi Halliru bai gaji komai na kasuwanci ba. Matarsa Fanne kan ce ko ruwan sanyi aka ba shi ya sayar a tsakiyar bazara, sai ya dawo gida da asara.

A shekarun nan na tsakiyar alif ɗari tara da casa'in, albashi ya zama abin da ake gaisawa da shi a wuce. Abokan aikinsa sun watse, wani ya tafi Saudiyya, wani ya ajiye aiki ya buɗe kyamis a bakin tasha. Halliru ya tsaya, ba don jarumta ba, sai don fansho. Ya riga ya zuba shekarunsa a wannan ɗaki, kuma ba shi da ƙarfin fara wata rayuwar daga tushe.

Ranar da ya fi tsana ita ce Laraba, ranar Kasuwar Shanu. Tun hantsi ake fara kawo su, mahauta da masu lodi da masu korar shanu. Ba yankan ne ke gajiyar da shi ba, yanka dai wanki ne da ɗinki. Abin da ake zubawa a cikin yankan kafin a iso shi ne masifar. Wani ya cusa garin taba, wani toka, wani man birki, wani kuma a ɗaure masa hannu da robar tayar keke tun safe, sai bayan la'asar a kawo shi yatsun sun yi baƙi. Halliru zai zauna da ɗan hantsaki yana tsince garin taba daga cikin naman mutum, yana faɗa, mutumin na cewa, "Yi haƙuri, Likita." Wata Larabar kuma a sake.

Da yamma in ya koma gida, ga mutane a ƙarƙashin darbejiya suna jiransa. Wannan ɗansa na zazzaɓi, wancan matarsa ƙafa ta kumbura. Ya saurara, ya yi bayani, su yi masa addu'a su tafi. Wata rana Fanne ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, mai faci ma in ya taɓa taya ana ba shi wani abu. Kai kanka cike da ilimi, kullum sai dai Allah ya saka."

"To me zan ce musu? Magana ce fa kawai."

"Ita maganar a kyauta ka koyo ta?"

Abin ya zauna masa a rai.

Ba a yi wata guda ba aka yanke wa wani mahauci yatsu biyu saboda ɗaurin roba. Sarkin Fawa, Alhaji Muhammadu Lawan, ya zo dubiya, wani dattijo mai ƙiba da dariya a kusa. A baranda Halliru ya tare shi, ya yi ta maza ya faɗi abin da ya daɗe yana juyawa a ransa. Ya ce a ba shi mutum goma sha biyu daga cikin mahauta, Asabar uku, ya koya musu abin da za su yi wa mai rauni kafin a kawo shi asibiti, ƙungiyar mahauta kuma ta biya shi ladan koyarwa.

Sarkin Fawa ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Likita, allura za ka yi musu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Magani za ka raba?"

"Koyarwa ce."

"Wato surutu. Yanzu in tara 'yan ƙungiya in ce su fitar da kuɗi, su ce me aka saya, in ce surutu? Ai sai su ce Sarki ya cinye. Ka ba su abin da za su riƙe a hannu mana. Takarda, irin wadda ake ba 'yan makaranta."

Halliru ya ce wannan mai sauƙi ne. Suka yi ciniki a tsaye, suka daidaita kafin a fara, don ko Halliru ya san in aka bari sai an gama, addu'a za a biya shi da ita.

Saura izini. Shugabar nas-nas ta asibitin, Hajiya Yakaka, mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma ba ta mantuwa. Ta saurare shi tana kallonsa ta saman tabarau.

"Halliru, ka san ma'aikacin gwamnati ba ya buɗe wurin duba marasa lafiya na kansa."

"Ba dubawa zan yi ba, Hajiya. Wayar da kai ne."

"To rubuto. Ka rubuta abin da za ka koyar ɗaya bayan ɗaya, da abin da ba za ka koyar ba, in kai wa babban likita ya sa hannu. Ranar hutunka kawai, kada in ji ka musanya aiki da wani saboda wannan. Ko audugar asibiti ɗaya kada ta bi ka. Ba allura, ba ɗinki, ba rubuta magani. Kuma sunan asibitin nan kada ya fito a ko'ina."

Ya rubuta, aka sa hannu, aka saka a fayil ɗinsa. Maganar takardar shaida ce kaɗai bai rubuta ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, shi dai bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Asabar uku ya yi a wata rumfa bayan mayanka, ƙuda na bin fuskarsa, da bandejin da ya saya da kuɗinsa da farin ƙyalle da Fanne ta tafasa ta yayyanka. Ya koya musu wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ciwo. Ya koya musu a danne yanka da tsumma mai tsabta, a danne sosai, a ɗaga hannun sama, in tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kai kada a cire na farko. Ƙaramin yanka a wanke da ruwa mai kyau a rufe. Mai zurfi, ko mai tsartuwar jini, ko sukan ƙaho, a danne a kawo asibiti nan take, don akwai datti a can ciki kuma akwai allurar tetanus da sai an yi. Garin taba kuma a bar wa hanci.

"Man birki fa, Likita?" in ji wani.

"Kai mota ne?"

Rumfa ta kwashe da dariya, har aka koma kiran mutumin Tirela.

A cikinsu akwai Yaji, mahauci mai kimanin shekara arba'in, mara yawan magana. Hannunsa ya fi na kowa. In ya naɗa bandeji sai ka rantse a makarantar nas ya koya. Halliru ya yabe shi a gaban jama'a, ya ce da Yaji ya yi boko da ya ƙwace masa aiki. Yaji ya sunkuyar da kai, amma kowa ya ga daɗin da ya ji.

Ranar ƙarshe aka raba takardu. Wani mai tafireta a bakin kasuwa ne ya buga su a kan kati mai kauri, da ado a gefe, da sunan kowa, da sa hannun Halliru da muƙaminsa a ƙasa. Abin da aka rubuta gaskiya ne, cewa wane ya halarci koyon taimakon farko na kwana uku. Sai dai da Turanci aka rubuta, kuma a cikin masu shiga rumfunan mahauta ba kowa ke karanta shi ba. Abin da ido ke gani shi ne takarda mai ado da sa hannun Likita.

Watanni huɗu abin ya yi kyau. Fanne ta sayi buhun gero ba tare da an jira ƙarshen wata ba. Shugaban masu lodin tirela ya aiko yana tambaya ko su ma za a yi musu. Halliru har ya fara tafiya da ɗan ƙarfi a ƙafarsa.

Sai wata Asabar da safe, da aiki ya faɗo kan Halliru, aka shigo da wani Bafulatani mai korar shanu, sunansa Hammawa, a kwance a bayan a-kori-kura. Jikinsa zafi kamar garwashi, cinyarsa ta dama ta kumbura ta yi sheƙi, ga wari. Da Halliru ya warware ƙyallen, sai ya ga an naɗa shi daidai yadda ya koyar. A ƙarƙashi kuma ga ɗinki, da baƙin zaren ɗinkin buhu, ƙulli bakwai a jere, tsaf.

Babban likita na tsaye a kansa. Ya tambayi 'yan rakiya, "Me ya same shi?"

"Sa ne ya soke shi ranar Laraba."

"Wa ya ɗinke?"

"Likitan mahauta. Yaji. Ai yana da takarda, wannan Likitan ne ma ya ba shi." Mutumin ya nuna Halliru da fara'a, yana ganin yabo ya yi.

Babban likita ya ce a kawo almakashi. Aka farke ɗinkin, ruwan ciwo ya yi ta zuba, aka wuce da Hammawa ɗakin tiyata. Babban likitan ya ce in zuwa kwana huɗu kumburin bai sauka ba, ƙafar ba za ta tsira ba.

Ranar Litinin takardar tuhuma ta iso hannun Halliru. Hajiya Yakaka ta kira shi ofis ta rufe ƙofa.

"Ka koya musu ɗinki?"

"Wallahi Hajiya ban koya ba. Yana cikin fayil."

"Na san abin da ke cikin fayil, ni na saka shi. Takardar shaida fa, tana ciki?"

Ya girgiza kai.

"Wa ya ba ka ikon ba wani shaida a kan aikin lafiya? Kai makaranta ce? Halliru, in aka kore ka, ba fansho ba garatuti, ka sani. Shekara ashirin da biyu." Ta cire tabarau ta murza idonta, ita ma a gajiye take. "Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Takardu nawa ka raba?"

"Goma sha biyu."

"Ka zo da goma sha biyu. Ba goma sha ɗaya ba. In akwai guda a rataye a wata rumfa, ba abin da zan iya faɗa a kanka."

Ranar Talata bayan ya tashi aiki ya hau kekensa ya nufi kasuwa, a cikin rana mai dafa ƙwaƙwalwa. Sarkin Fawa ya karɓe shi ba dariya.

"Likita, mun biya, ka ba mu takarda. Yanzu ka zo karɓar takarda. To me muka saya ke nan?"

"Abin da ke kansu, ranka ya daɗe. Wannan ba mai karɓe shi."

"Wannan kai ka san shi. Ni abin da zan nuna wa mutane nake magana." Ya daɗe yana kaɗa carbi, sannan ya ce, "Amma ba za a ce mahauta sun ci abincin mutum sun kuma raba shi da aikinsa ba." Ya aika aka bi rumfa rumfa. Wani ya ciro tasa daga ƙarƙashin katifa a gida, wani tasa ta sha maiƙo har sunan ya ɓace, wani matarsa ta adana a cikin kwalla. Kafin la'asar ta Laraba goma sha ɗaya sun taru. Yaji ya ce shi a gaya wa Likita ya zo da kansa.

Halliru ya same shi a rumfarsa yana wasa wuƙa. Takardar na rataye a jikin ginshiƙi, a cikin gilashi, an yi mata firam na katako. Ita kaɗai ce abin da ƙuda bai ɓata ba a wurin.

"Yaji, na ce a yi ɗinki?"

"Ba ka ce ba."

"Me na ce a kan sukan ƙaho?"

"A danne a kai asibiti." Ya ajiye wuƙar. "Na danne, Likita. Jinin ya tsaya. Na ce a tafi asibiti, ya ce shi tirelarsu za ta tashi Legas da yamma, in ya je asibiti za a kwantar da shi, shanun mutane kuma a hannunsa suke. Ya ce ba ga takarda can ba? Mutane sun taru, kowa na cewa Yaji ai ka iya, Likita da kansa ya ce ka fi shi hannu. Yana kwance yana kallon takardar yana kallona. In ce masa me? In ce ta ado ce?"

Halliru ya ɗaga kai ya kalli takardar. Ya zo da faɗa cike da cikinsa tun daga asibiti, sai ya ji duk ya zube. Ya nemi benci ya zauna.

"Da ka ce masa ta ado ce," ya ce a hankali. "Ni ma da na gaya maka haka tun ranar."

"Legas ɗin ma bai je ba. A ƙauyen Ngojin ya kwana uku a gidan ɗan'uwansa yana rawar sanyi." Yaji ya kalli ƙasa. "Za a yanke ƙafar?"

"Ban sani ba tukuna."

Yaji ya tashi ya sauko da firam ɗin. Ya juya bayansa, ya ɗauki bakin wuƙa ya tanƙware ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada katin ya yage. Ya miƙa wa Halliru da hannu biyu.

"Ban taɓa samun takarda da sunana ba," ya ce. "Ko ta haihuwa."

Gilashin da katakon ya mayar ya rataye a wurinsu, ba komai a ciki.

Ranar Alhamis Halliru ya ajiye takardu goma sha biyu a kan teburin kwamiti. Hajiya Yakaka ta buɗe fayil ta karanta abin da ya rubuta da hannunsa tun farko, har layin da ya ce ba allura ba ɗinki. Sannan ta ƙara wani abu da shi kansa bai san ta lura da shi ba. Ta ce a watanni huɗun nan ta bi rajistar ɗakin wankin ciwo, mahautan da aka kawo ranar Laraba sun zo da wuri, da tsumma mai tsabta, kuma ba a yanke wa ko ɗaya yatsa ba. Babban likita ya ce kumburin Hammawa ya fara sauka tun jiya, ƙafar za ta zauna, sai dai zai daɗe yana ɗingishi.

Ba a kore shi ba. An ba shi gargaɗi a rubuce, aka ɗage ƙarin girmansa na shekarar, aka dakatar da izinin koyarwa wata shida. Ya fito ya tsaya a baranda, yana jiran ya ji farin ciki, bai ji ba. Barci kawai yake ji. A gida Fanne ta dube shi ta ce, "Aikin yana nan?" Ya ce yana nan. Ta ce, "To ci abinci."

Da wata shidan suka cika, shugaban masu lodin tirela ya sake aikowa. Halliru ya so ya ce a'a. Amma gero bai sauko ba, albashi bai hau ba, kuma Laraba ba ta daina zuwa ba. Ya sake rubuta neman izini, wannan karon har da layin da ya ce ba za a ba kowa takardar shaida ba. Da shugaban ya yi tambayar da Sarkin Fawa ya taɓa yi, wato me za su riƙe a hannu, Halliru ya riga ya shirya amsa. Ya sa kafinta ya ƙera akwatin katako, aka zuba sabulu da bandeji da tafasasshen ƙyalle da almakashi. A cikin murfin mai fenti ya zana hotuna, hannu yana danne ciwo, hannu a ɗage sama, sai ƙahon sa da kibiya tana nuna mota. Akwatin na ƙungiya ne, ba sunan kowa a jiki, ba sa hannun kowa. Mahauta ma ya kai musu nasu, bai karɓi komai ba, Sarkin Fawa ya shafa murfin ya ce yanzu ya ga abin da aka saya.

Haka ya ci gaba har ya yi ritaya, ƙungiya ɗaya ko biyu a shekara, masu lodi, masu injin niƙa, makanikai. Bai yi arziki da shi ba. Ya dai rufe wasu ramuka, kuma bai sake yabon hannun kowa a gaban jama'a ba.

Akwatin mahauta a rumfar Yaji aka ajiye shi, don duk da abin da ya faru ba wanda ya kai shi iya naɗi. Wata Laraba da hantsi sai ga shi ya shigo ɗakin wankin ciwo, riƙe da hannun wani mahauci a sama, ya danne da farin ƙyalle, jini bai ko ɗiga a ƙasa ba.

"Likita, ga shi. Mai zurfi ne. Ban taɓa komai ba."

Halliru ya ɗaga ƙyallen ya duba. Ba taba, ba toka, ba man birki.

"Zaunar da shi can," ya ce, ya juya yana neman safar hannu, don akwai mutum biyar a kan benci suna jira, kuma na farkonsu tun daga ƙofa ana jin warin man birki a ƙafarsa.